Haskaka mota da HDRI a kan hoton titin Nima: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da matasan da ke koyon Blender a wurina suke yawan kawowa, daga unguwannin Accra, tun daga Nima da Mamobi har Madina. Duk amsoshin na ɗora su a kan aiki ɗaya da na yi: baƙar mota da aka ƙera a kwamfuta, aka ce in ajiye ta a kan hoton wani layi na Nima don talla. An ɗauki hoton da ƙarfe 4 na yamma a watan Maris. A gefen dama akwai kiyos mai launin rawaya, a hagu akwai katanga da lemar mai koko, can baya kuma ana hango hasumiyoyin babban masallacin ƙasa da ke Kanda. Hoton da za a ɗora motar a kai ina kiransa hoton bango, wanda ya kewaye wurin gaba ɗaya kuma shi ne HDRI.

Malam, me ya raba HDRI da hoton wayata? Ai ita ma tana da HDR.

Sunan ne ɗaya. Wayarka tana ɗaukar hotuna da yawa ta haɗa su, sannan ta matse hasken don ya yi kyau a ido, ta ba ka JPEG. A cikin JPEG kowane launi yana tsakanin 0 da 255, saboda haka farar rigar wani mai wucewa da ita kanta rana duk 255 suke. A zahiri kuwa rana ta fi rigar haske sau dubbai. Idan ka haskaka mota da irin wannan hoto, Blender zai ɗauka rana da riga ƙarfinsu ɗaya, sai hasken ya zo daga ko'ina daidai wa daida, inuwa ta ɓace, motar ta zama kamar an manna ta da gam.

HDRI na gaske yana ajiye adadin hasken yadda yake, ba tare da an yanke samansa ba. Shi ya sa yake zuwa a `.hdr` ko `.exr`. Paul Debevec ne ya nuna hanyar haɗa shi daga hotuna masu buɗin haske daban-daban a 1997, shi da Jitendra Malik, a 1998 kuma ya nuna yadda ake haskaka abin kwamfuta da shi a saka cikin hoton gaske. Abin da muke yi yau a Blender shi ne wannan.

Zan iya sauke na Poly Haven kyauta, me zai sa in wahalar da kaina?

Idan abin da za ka saka ba ya sheƙi, kamar buhun shinkafa ko bencin katako, sauke wanda tsayin ranarsa da yanayin samansa suka yi kusa da hotonka, zai wadatar. Ni ma ina yi. Amma baƙar mota madubi ce. Kusan duk abin da ido ke gani a jikinta abin da ke kewaye da ita ne take haskowa. Ka ajiye ta a layin Nima tana hasko dogayen itatuwa da koren fili na wata ƙasa, ko wanda bai taɓa jin sunan Blender ba zai ce akwai abin da bai zauna ba. Ga kuma hasken da ke dawowa daga ƙasa: jar ƙasarmu da katangun da aka shafa wa fenti mai ƙarfi suna rina ƙasan mota da ja-ja, abin da ba za ka samu a hoton da aka ɗauka kan ciyawa ba.

To yaya zan ɗauki nawa?

Ka kafa kyamara a daidai inda motar za ta tsaya, ba inda ka tsaya ka ɗauki hoton bango ba. Wannan kuskure na fi gani. HDRI yana faɗa maka hasken da ke isowa wuri guda ne, wurin da muke so kuwa shi ne na motar. Tsayin kyamarar ya zama kusan tsakiyar jikin motar, kamar mita 1 daga ƙasa, kuma ka auna ka rubuta, don za mu buƙaci adadin nan gaba.

Kyamarar da ke ɗaukar kowane gefe a lokaci guda, irin Ricoh Theta ko Insta360, ta fi sauƙi a wuri mai cunkoso. Ka cire ta daga sarrafa kanta. ISO ya zauna a mafi ƙanƙanta, daidaiton fari ka ɗaure shi a adadi ɗaya, misali 5500K, kuma wannan adadin za ka sa wa kyamarar hoton bango. Saurin shata kaɗai za ka riƙa canzawa, kana tsallake mataki 2 kowane hoto, wato kowane hoto ya fi wanda ya gabace shi duhu sau 4. Ka fara daga wanda ake ganin cikin kwata da ƙarƙashin tebur, ka sauka har inda kyamarar ta ƙure. Daga nan a haɗa su su zama fayil ɗaya mai faɗi ninki biyu na tsayinsa.

Sai lokaci, wanda mutane ke rainawa. Rana tana tafiyar digiri 15 a awa ɗaya, kuma mu da ke kusa da tsakiyar duniya da yamma kusan a miƙe take gangarowa. Ranar aikin nan, da ƙarfe 4, tana wajen digiri 32 sama da ƙasa, sandar mita 1 tana ba da inuwar mita 1.6. Bayan minti 20 kacal ta sauko digiri 27, inuwar ta kusa mita 2. Don haka da ka gama hoton bango ka ruga ka ɗauki HDRI, kada a wuce minti 5. Ka riga ka gaisa da masu layin, ka nemi izinin mai kiyos da mai koko tun kafin ka fito da kaya, don kada gaisuwa ta cinye maka hasken. Ranar mai kokon ma ita ta riƙa tsayar mana da yara, tana cewa, “Ku dakata wa yayanku ya gama.”

Na saka HDRI amma inuwar ta fito laushi, alhali a hoton bango kaifi gare ta. Me ya faru?

Ranar da ke cikin HDRI ɗinka ta yanke. Ko a mafi saurin shata, rana ta fi ƙarfin ƙananan kyamarori, sai a rubuta mata adadin da bai kai nata ba. Gwajin mai sauƙi ne. Buɗe fayil ɗin a Blender, ka riƙa rage `Exposure` a `Color Management`. Idan ranar lafiyayya ce, sama za ta yi baƙi ƙirin, ita kuwa ta rage ɗan ɗigo fari tas. Idan ta yanke, za ta dushe tare da sauran sama, ta zama faifai toka-toka mai faɗi.

Magani biyu ne. Na farko, filta mai rage haske da ake kira ND a gaban kyamara don hotunan ƙarshe, amma kyamarori masu ido biyu ba su cika karɓarta ba. Na biyu shi nake yi kullum: in goge ranar daga HDRI, in shafe wurin da launin saman da ke kusa, sannan in saka fitilar `Sun` a madadinta. `Angle` ɗinta in bar shi a 0.526°, wanda shi ne faɗin rana a ido. Kada ka bar yankakkiyar rana kuma ka ƙara `Sun` a kai. In ba su hau kan juna daidai ba za ka ga ƙyalli biyu a kan bonet, da wata inuwa mara ƙarfi a gefen ta gaske.

Lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, lissafin ya canza. Ƙura tana baza rana, inuwa ta yi laushi da kanta, sama ta yi fari-fari. A irin ranakun nan sau da yawa kyamara tana iya kama ranar ba yankewa, kuma laushin inuwar shi ne daidai. Ka dubi bakin inuwar wani abu na gaske a hoton bango, shi ne ma'auninka.

Yaya zan juya shi ya fuskanci inda ya kamata?

Kafin juyi, kyamarar Blender sai ta dace da ta gaske. Ina amfani da fSpy: ka ja layuka a kan katanga da bakin kwata, ya fitar maka da faɗin lensi da karkatar kyamara. In wannan bai zauna ba, duk abin da ka yi bayansa a kan karkace yake.

Sannan a `World` ka jera nod huɗu haka:

```
Texture Coordinate (Generated) > Mapping > Environment Texture > Background
```

`Rotation Z` na `Mapping` kaɗai za ka taɓa. Yadda nake yi shi ne in kashe `Transparent` da ke ƙarƙashin `Film` na ɗan lokaci, in bar HDRI ya bayyana a bayan kyamara, in ɗora hoton bango a kai da rabin ƙarfi, in juya har hasumiyar masallaci ta HDRI ta hau kan ta hoton. Abu mai nisa za ka zaɓa. Kiyos ba zai taɓa hawa daidai ba, don daga wurare biyu aka ɗauke shi. Daga nan in tsayar da sandar mita 1 a Blender kusa da wani turke na gaske, in ga ko inuwoyinsu sun kwanta gefe ɗaya, kuma tawa ta kai mita 1.6. Idan gefen ya yi daidai amma tsawon bai yi ba, ko dai lokaci ya wuce tsakanin hotunan biyu, ko kyamarar HDRI ba ta tsaya a miƙe ba. Alamar ta biyun ita ce layin da sama ta haɗu da ƙasa ya riƙa lanƙwasa kamar igiyar ruwa a cikin fayil ɗin.

Me zai hana in bar HDRI ya zama bangon gaba ɗaya?

Fiksel ba za su isa ba. HDRI mai faɗin 8192 ya raba su ne a kan digiri 360. Lensin 35mm a babbar kyamara yana ganin kusan digiri 54, wato fiksel wajen 1230 kawai za su cika maka faɗin hoto, bai kai 1920 ba ma. Bango zai fito dishi-dishi. Kunna `Transparent` a ƙarƙashin `Film`, HDRI ya yi aikin haske, hoton bango ya yi nasa.

Ƙarfin hasken fa, da ido ake gwadawa?

Ido yana ruɗi, musamman a kan baƙin fenti. Shi ya sa ake ajiye ƙwallo biyu a inda motar za ta tsaya, a ɗauke su da kyamarar hoton bango ba tare da an canza komai ba: ɗaya toka-toka marar sheƙi mai mayar da kashi 18 cikin 100 na haske, ɗaya kuma mai sheƙi kamar madubi. Na kamfani suna da tsada. Ƙwallon adon Kirsimeti na azurfa da ake samu a kasuwar Makola zai tsaya a madadin mai sheƙin. Na toka-toka kuwa, in fenti ka shafa da kanka, ka ɗauke shi kusa da katin toka na masu hoto don ka san ainihin duhunsa.

A Blender ka yi irinsu, na toka `Base Color` 0.18 a kowane launi, `Roughness` a sama. Ka yi renda, ka ajiye su gefe da gefe da na gaske. Fara da ɓangaren ƙwallon da ke cikin inuwa, domin sama da katangu ne kaɗai ke haskaka shi: ka motsa `Strength` na `Background` har adadin fiksel ɗin ya zo ɗaya. Bayan nan ka koma ɓangaren da rana ke duka, ka motsa ƙarfin `Sun` kaɗai. In ka fara da rana za ka yi ta kai da kawowa, don duk gyaran da ka yi wa sama yana taɓa ɓangarorin biyu.

Launi ma a nan ake kama shi. In ƙwallonka ya fi na gaske shuɗi a ko'ina, daidaiton farin kyamarorin biyu ne ya bambanta, sai a gyara HDRI ɗin, ba fentin mota ba.

Na saka hoton bango a Blender sai ya dushe, launinsa ya mutu. Laifin wa?

`View Transform` ne. Tun daga Blender 4.0 a 2023 `AgX` ne ke zuwa a kunne, kafin nan `Filmic`. Dukansu suna matse haske mai yawa don ya shiga allo. Hoton JPEG kuwa kyamara ta riga ta matse shi, sai a matse shi karo na biyu. In JPEG kaɗai gare ka, koma `Standard`, hoton zai fito yadda yake, sai ka lura da ƙyallin mota don yana saurin ƙonewa. In kana da RAW, ka fitar da shi a `.exr` ba tare da an ƙara masa armashi ba, sannan mota da bango su bi ta `AgX` tare. Wannan ya fi, amma na farkon ma ya fitar da ni kunya sau da yawa.

Haske ya yi daidai, inuwa ta yi daidai, amma abin da ƙofar motar ke haskowa bai dace da wurin ba. Ina matsalar?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma a nan na fi daɗewa a aikin Nima. Blender yana ɗaukar duk abin da ke cikin HDRI a matsayin abu mai nisa marar iyaka. Ga rana da gajimare wannan gaskiya ne. Ga hasumiyar Kanda ma ba laifi. Amma kiyos ɗin nan mita 2 ne tsakaninsa da motar, ita kuma motar ta kai mita 4.5. Wanda ke tsaye a bamban gaba yana ganin kiyos a bayansa, wanda ke bamban baya yana ganinsa a gabansa. HDRI bai san wannan ba, gani ɗaya gare shi daga tsakiya. Sakamakon shi ne rawayar kiyos ta shafe gefen motar tun daga gaba har baya, maimakon ta tsaya a ƙofa ɗaya. In ka matsar da motar gaba, abin da take haskowa ba ya motsi, kamar zane ne a jikinta. Da wannan za ka gane matsalar.

Maganin shi ne a gina abubuwan da ke kusa, ko da a gurguje. Na yi shimfiɗa ɗaya ta ƙasa, akwati ɗaya na kiyos, allo ɗaya na katanga, duk a kan awon da na ɗauka da tef a wurin. Sannan na ajiye `Empty` a daidai inda kyamarar HDRI ta tsaya, mita 1 sama da ƙasa. Ga inda awon nan ya yi rana. A kayan jikin akwatin da katangar na sa wannan:

```
Texture Coordinate (Object: Empty) > Mapping > Environment Texture > Emission
```

`Rotation Z` ya zama ɗaya da na `World`. Abin da ke faruwa shi ne HDRI yana fesuwa daga wurin `Empty` zuwa kan akwatin, kamar majigi, hoton kiyos ya sauka a kan kiyos. Yanzu yana da wuri na gaske, kuma ƙofar baya kaɗai ke hasko shi. A `Ray Visibility` na kashe musu `Camera` don kada su rufe hoton bango. In ka ga hoton ya zame daga kan akwatin, kamar rufin kiyos ya faɗa kan katanga, awonka ne bai yi ba, ko tsayin `Empty`.

Ba komai ake ginawa ba. Ni abin da ya wuce kamar tsawon mota 5 ina barinsa a HDRI, don kuskuren da zai kawo ido ba ya kama shi a jikin fenti mai lanƙwasa.

Ƙasa fa? Ƙasan ƙofofin nawa suna hasko wani abu fari.

Shimfiɗar da ka mayar `Shadow Catcher` ba ta bayyana ga kyamara, amma mota tana ganinta, kuma tana hasko farin kayan da Blender ya ba ta tun asali. Ka sa mata hoton bango ta hanyar `Window` a `Texture Coordinate`, sai kwalta da bakin kwata na gaske su bayyana a ƙasan ƙofa, layukansu su haɗu da na hoton. In kyamara za ta motsa, `Window` zai ja hoton ya bi ta, sai a koma `UV Project`.

Akwai wani ɗan zaɓi a nan. In ka sa hoton a `Emission`, haskensa zai yi daidai, amma ƙasar ba za ta karɓi inuwar motar ba, sai ƙofa ta hasko kwalta mai haske a inda ya kamata ta ga inuwar kanta. In ka sa shi a `Diffuse BSDF`, inuwar za ta fito, amma rana za ta sake haskaka hoton da ya riga ya sha rana. Ni na biyun nake zaɓa wa ƙasa, in rage ko in ƙara hasken hoton har shimfiɗar, a wurin da babu inuwa, ta yi daidai da hoton bango. Tun Blender 3.0 akwai fas na `Shadow Catcher` daban, wanda ake ninkawa da hoton bango ta `Multiply`, kuma yana ɗauko har hasken da motar ke mayarwa ƙasa.

Yaya zan san ƙarfin sheƙin ya yi daidai?

Ka nemi mota ta gaske a cikin hoton bango, ko tasi ko turoturo, ka kwatanta. Gilashi da fenti mai `IOR` 1.5 suna mayar da kusan kashi 4 cikin 100 ne in ka dube su kai tsaye, amma in ka dube su a kaikaice sai su koma kamar madubi. Shi ya sa rufi da bonet ke ɗaukar sama sosai. In motocin gaske na hoton ba sa haskowa kamar taka, tambayi mai hoton ko ya sa filta mai kashe ƙyalli a lensinsa. In ya sa, dole ka rage naka. Ƙura ma tana da hannu: motar da ta yi awa ɗaya a titin Nima ba ta da sheƙin ɗakin nuni, don haka ina ɗaga `Roughness` kaɗan a ƙasan ƙofofi da bayan tayoyi.

Ni da ƙafafun kyamarata mun fito a jikin motar. In sake ɗauka?

A'a, goge kanka daga HDRI ɗin da manhajar da ke iya buɗe `.exr` ba tare da ta mayar da shi JPEG ba, irin GIMP ko Krita. Ka goge har inuwarka da ke ƙasa. Gaba kuma ka sarrafa kyamarar daga wayarka, ka laɓe a bayan katanga. Mutanen da suka motsa tsakanin hotuna za su fito kamar hayaƙi, waɗanda ke kusa ka goge su, na nesa ka bar su. Fuskar duk wanda ake iya ganewa a jikin ƙofa ko gilashi, in ba ka nemi izininsa ba, ka shafe ta kafin tallar ta fita.